Babi na Bakwai: Sunan da ke Ƙarƙashin Baƙin Akwati

"Na rufe sunan da baƙi, ni kaina ba na ganinsa. To ta yaya wani zai gani?" Wannan tambayar takan fito daga bakin magatakardan ƙungiya, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Mai tambayar yana da hujja. Tun muna yara mun san cewa idan aka shafe rubutu da baƙar tawada a kan takarda, ya tafi. Sai mutum ya ɗauka haka abin yake a cikin kwamfuta, ya buɗe takardar PDF, ya zana baƙin akwati a kan sunan, ya tura ta rukunin WhatsApp, ya kwanta barcinsa hankali kwance.

Amsar ita ce sunan yana nan daram, kuma yaron da ya iya taɓa waya zai iya fito da shi kafin shayi ya huce.

Faifai a kan ƙwarya

Shafin PDF ba hoto ɗaya ba ne, ko da yake ido haka yake ganinsa. Kamfanin Adobe ne ya fito da wannan tsari a 1993, kuma abin da ke cikin fayil ɗin jerin umarni ne da ake ba na'ura: ɗauko irin rubutu kaza, je wuri kaza a shafi, rubuta waɗannan haruffa, ɗauko hoton tambari, ajiye shi a sama, ja layi daga nan zuwa can. Na'urar tana bin umarnin ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ya zo daga baya yana hawa kan wanda ya riga shi.

Idan ka zana baƙin akwati, abin da ka yi shi ne ƙara umarni guda a ƙarshen jerin: zuba baƙi a wannan kusurwa. Umarnin farko, wanda ya ce a rubuta sunan, ba wanda ya taɓa shi. Kamar mace ce ta kifa faifai a kan ƙwaryar fura. Wanda ya shigo ɗakin ba zai ga furar ba, amma ko ludayi ɗaya bai ragu ba. Abin da ake bukata a wannan aiki shi ne irin abin da almajiri yake yi wa allonsa idan ya haddace karatu: ya wanke tawadar, ta bi ruwa, har ba abin da za a karanta ko an kai allon rana.

Ɗaga faifan ba ya bukatar gwaninta. A buɗe takardar, a danna Ctrl+A domin zaɓar duk rubutun, a danna Ctrl+C, a buɗe Notepad a danna Ctrl+V. Na'urar ba ruwanta da baƙin akwati, haruffa take kwasowa, sai ga sunan ya fito a tsakiyar jimlarsa. A waya ma haka ne, mutum ya danne yatsa a kan wurin, ya kwafa, ya liƙa a saƙo.

Manya ma sun faɗa wannan rami

A ranar 4 ga Maris 2005, sojojin Amurka da ke tsare wani shinge a hanyar filin jirgin saman Bagadaza suka buɗe wuta kan wata mota. A ciki akwai 'yar jaridar Italiya Giuliana Sgrena, wadda aka karɓo daga hannun masu garkuwa da ita a ranar, da jami'in leƙen asirin Italiya Nicola Calipari, wanda ya jagoranci karɓo ta. Calipari ya mutu. A ƙarshen Afrilu rundunar Amurka ta saki rahoton bincikenta a matsayin PDF, an lulluɓe sunayen sojojin da wasu bayanan tsaro da baƙi. Ba a jima ba masu karatu a Italiya suka kwafe rubutun suka liƙa a wani wuri, komai ya fito fili, har da sunan sojan da ya yi harbin, jaridun ƙasar kuma suka buga cikakken rahoton. A ƙarshen 2005 hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA, ta fitar da takardar jagora ga ma'aikatan gwamnati kan yadda za su goge bayani daga takardun Word da PDF.

Jagorar ba ta hana a maimaita ba. A ranar 8 ga Janairu 2019 lauyoyin Paul Manafort, wanda ya taɓa shugabantar yaƙin neman zaɓen Donald Trump a 2016, suka shigar da takarda a kotu da baƙaƙen layuka a wasu sakin layi. 'Yan jarida suka kwafa suka liƙa. Abin da lauyoyin suka so ɓoyewa shi ne ya zama babban labarin ranar: masu gabatar da ƙara suna zargin Manafort da miƙa bayanan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ga Konstantin Kilimnik, mutumin da hukumar FBI ta ce yana da alaƙa da leƙen asirin Rasha. Lauyoyin da ake biya maƙudan daloli ke nan, kuskurensu kuwa shi ne dai wanda mai shagon buga takardu a bakin kasuwa zai yi.

Rahoto mai shafi 12

Mu ƙaddara wani misali irin na gida. Kwamitin sulhu ya zauna kan rikicin manoma da makiyaya a wani ƙauye na ƙasar Roni, saboda shanu sun shiga gonar gero kafin a gama girbi. Mutum uku sun ba da shaida bisa alkawarin ba za a bayyana su ba, domin gobe a kasuwa ɗaya da rijiya ɗaya za su haɗu da waɗanda suka ambata. Magatakarda ya buga rahoto mai shafi 12. Hakimi da shugaban ƙaramar hukuma za su karɓi cikakke, amma akwai kwafin da za a ba ɓangarorin biyu, kuma kowa ya san daga nan sai wayoyin jama'a har Gwiwa da Babura.

Tambayar farko da magatakarda zai yi wa kansa ita ce ko ainihin fayil ɗin Word da ya buga rahoton yana hannunsa. Idan yana nan, kada ma ya taɓa PDF. Ya yi kwafin fayil ɗin da sabon suna, ya bar na asali a wurin da yake. A cikin kwafin ya goge kowane suna, ya rubuta "Mai Shaida na 1", "Mai Shaida na 2", "Mai Shaida na 3" a gurbinsu. Wannan ita ce hanya mafi tsabta, saboda sunan bai ma shiga PDF ɗin ba balle a yi zancen rufe shi. Tarkon da ke nan shi ne Track Changes. Idan a kunne yake, Word yana ajiye duk abin da aka goge yana jiran a amince, don haka sai ya danna Accept All Changes, ya share duk wani tsokaci da 'yan kwamiti suka rubuta a gefe, sannan ya bi File, Info, Inspect Document ya cire abin da aka gano. Daga nan ya fitar da sabon PDF.

Amma sau da yawa babu Word ɗin. An buga a shagon wani, an ba shi PDF kawai, ko kwamfutar ta lalace. A nan sai kayan aikin da aka yi domin gogewa takanas. A cikin Adobe Acrobat Pro, wanda ake biya, akwai Redact. Acrobat Reader na kyauta ba ya wannan aikin. Aikin mataki biyu ne, kuma a tsakaninsu mutane suke zamewa. Matakin farko, ana yi wa sunayen alama. A wannan lokacin ba abin da aka goge, alama ce kawai irin ta tela da alli kafin ya sa almakashi. Sai an danna Apply ne Acrobat yake cire haruffan daga cikin umarnin shafin, ya zuba baƙi a gurbin da ya zama fanko. Daga nan zai yi tayin tsabtace ɓoyayyun bayanai na takardar. A amsa masa da e, a ajiye da sabon suna.

Wanda ba shi da kuɗin Acrobat yana da LibreOffice, kyauta ne, kuma tun fitowar 6.3 a 2019 yana ɗauke da Redact a ƙarƙashin Tools. Ana ja akwati a kan sunan, kuma akwatin yakan fito ruwan toka, ana hango rubutun ta cikinsa, domin mai aiki ya tabbatar ya rufe daidai. Gogewar tana faruwa ne idan aka zaɓi Redacted Export (Black), inda kowane shafi yake komawa hoto. Wanda ya yi amfani da maɓallin fitar da PDF na yau da kullum a wannan gaɓar, faifai ya sake kifawa.

Mayar da shafi hoto

Dabarar da LibreOffice ya bi tana da kyau a fahimce ta, don ana iya yin ta da hannu. Idan shafin da ke ɗauke da baƙin akwati ya koma hoto, babu sauran umarni, babu sama babu ƙasa. Abin da ya rage ɗigo-ɗigo ne na launi, kuma ɗigon da ke wurin sunan baƙi ne kurum. Ga mai kwamfutar da ke da kayan Poppler da img2pdf, layi biyu ne:

```
pdftoppm -r 200 -png rufaffe.pdf shafi
img2pdf shafi-*.png -o wankakke.pdf
```

Layin farko yana ɗaukar hoton kowane shafi da ɗigo 200 a kowane inci, wato takardar A4 za ta fito da faɗin ɗigo 1654 da tsawon 2339, wanda ya isa a karanta har a sake bugawa. Na biyu yana haɗa hotunan 12 su zama PDF guda.

Sharaɗinta ɗaya ne, akwatin ya zama baƙi ƙirin. Alƙalamin haskaka rubutu da ke cikin manhajojin waya an yi shi ne domin a riƙa ganin abin da ke ƙasa, ko da an zaɓi baƙin launi. Mutum yakan goga sau uku ko huɗu har ya ga wurin ya yi duhu, amma wanda ya ƙara wa hoton haske sai haruffan su taso. Haka nan dusasar da suna ko mayar da shi 'yan ƙananan murabba'ai ba gogewa ba ce, domin siffar haruffan ba ta gama ɓacewa ba, kuma akwai manhajojin da aka rubuta don maido da irin wannan rubutu.

Hanyar tana da tsadarta. Fayil yakan ƙara nauyi, abin da mai sayen data zai ji a aljihunsa. Ba a iya binciken kalma a ciki, kuma makaho mai amfani da manhajar karanta rubutu ba zai ji komai ba. Ga rahoton kwamitinmu, a ganina wannan tsadar ba ta kai ta fallasa mai shaida ba.

Tsohuwar hanya ma tana nan, kuma ban raina ta ba: a buga a takarda, a yanke sunan da reza ko a liƙa baƙar takarda a kai, a yi hoton kwafi, sannan a ɗauki wannan kwafin da na'ura. Baƙar maka kaɗai ba ta isa ba, don tawadar firinta takan yi ƙyalli a ƙarƙashinta idan haske ya bugi takardar a karkace. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne abin da da yawa suke yi, wato su zana akwati su danna Print su zaɓi Microsoft Print to PDF, suna zaton sabon fayil ya narkar da komai. Sau da yawa haruffan suna biyo sabon fayil ɗin, akwatin yana bisansu kamar da.

Idan takardar da ma hoto ce

Wani zai ce tasa takardar da waya ya ɗauke ta, ba haruffa a ciki, saboda haka akwati ya wadatar. Ramuka biyu ne a gabansa. Na farko, hoton shafin yana nan cikakke a cikin fayil ɗin, akwatin abu ne daban da ke zaune a kansa. Umarnin pdfimages yana zaro hoton shi kaɗai, suna da sa hannu da komai, kuma a wasu manhajojin ma ana iya danna akwatin a ja shi gefe. Na biyu, manhajojin ɗaukar takarda da yawa suna karanta hoton su shimfiɗa rubutun da ido ba ya gani a bayansa, domin a iya neman kalma. Sunan wannan aiki OCR. Ko da ka shafe sunan daga hoton kansa, wannan shimfiɗar tana riƙe da shi. Idan ana son a iya binciken kalma a wankakken kwafi, sai a yi OCR bayan an gama gogewa.

Muhammad nawa ne a takardar?

Yanzu mu koma kan magatakarda, domin wurin da aikinsa zai fi lalacewa ba a na'ura yake ba. Zai so ya yi amfani da bincike ya nemo duk inda sunan mai shaida ya fito, kuma sunayenmu ba sa tsayawa a rubutu ɗaya. Mutum guda yana iya zama Muhammad a shafi na 2, Mohammed a shafi na 5, Moh'd ko Muhd a takardar halartar zama, Mamman kuma a bakin wanda ya ambace shi. Abubakar yakan koma Garba ko Habu, Usman ya koma Shehu. Ga kuma haruffa masu ƙugiya: idan an buga Ɗanladi a wani wuri da Danladi a wani, na'ura tana iya ɗaukarsu kalmomi biyu, ta samo ɗaya ta tsallake ɗaya. Sunan da ya karye a ƙarshen layi, rabi a sama rabi a ƙasa, shi ma yakan kuɓuce. Bincike taimako ne kawai. Shafi 12 ɗin sai an karanta su da ido, layi-layi, har da saman shafi da ƙasansa da jadawalin ƙarshe.

Sannan a ƙauye suna ba shi kaɗai ne ke nuna mutum ba. Idan rahoton ya ce "Mai Shaida na 2, ladanin masallacin Juma'a, wanda gonarsa ke gabas da burtali", an gama faɗin sunansa. Sarauta, sana'a, sunan unguwa, lambar waya, lambar NIN ko BVN mai alƙaluma 11, hoton sa hannu da na dangwala yatsa, duk suna cikin abin da za a cire. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma haka ta ɗauki lamarin, bayanin mutum a wurinta ya haɗa da duk abin da za a iya gane shi da shi, kai tsaye ko a kaikaice.

Tsawon akwatin kansa yana magana. Idan mutanen da suka halarci zaman takwas ne, kuma akwatin gajere ne da bai wuce haruffa uku ba, ba wanda zai yi zaton Abdurrahman ne, kowa zai juya ya kalli Ali ko Isa. A 2022 masu bincike a Jami'ar Illinois sun nuna cewa faɗin gurbin, tare da 'yan ƙananan tazarar da ke tsakanin haruffan layin, suna iya rage jerin sunayen da ake zato ƙwarai, ko da an cire rubutun da gaske. Maganinsa shi ne a faɗaɗa akwatin ya cinye kalmomin gefe ko layin gaba ɗaya, ko kuma a koma hanyar Word inda kowa yake zama "Mai Shaida" mai tsawo iri ɗaya.

Aljifan da ba sa kan shafi

PDF yana da wuraren ajiya da ba sa bayyana a fuskar shafi. A ranar 29 ga Janairu 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta saki kwantiraginta da kamfanin AstraZeneca na rigakafin korona, an rufe sassa da yawa. Amma an manta da jerin alamomin shafi da ke fitowa a gefe idan aka danna Bookmarks, kuma ta nan aka karanta wani kaso na abin da aka rufe. A rahotonmu, idan kan wani sashe ya ce "Shaidar Malam wane", wannan kan yana iya kasancewa a jerin gefen. A Properties kuma akwai gurbin Title da Author. Akwai tsokaci, akwai fayil da aka maƙala. Akwai ma sunan fayil ɗin kansa, wanda ke fara bayyana a WhatsApp kafin a buɗe komai.

Wani aljihun ya fi waɗannan zurfi. Tsarin PDF ya yarda manhaja ta ajiye gyara ta hanyar ƙara sabon bayani a ƙarshen fayil, tsohon yana nan a sama ba a share shi ba. Ke nan shafin da aka gyara yana iya zama tare da tsohon kansa a fayil ɗaya. Shi ya sa ake cewa a yi Save As da sabon suna maimakon Save, kuma shi ya sa fayil ɗin da aka gina daga hotuna ya fi kwantar da hankali, tun da bai gaji komai daga tsohon ba.

Gwaji kafin turawa

Magatakarda ya gama. Kafin ya tura, ya rufe komai, ya buɗe sabon fayil ɗin da wata manhaja daban da wadda ya yi aikin da ita, misali Chrome ko Edge, ya zama shi ne mai neman tona asirin. Ya kwafe duka ya liƙa a Notepad ya karanta. Ya danna Ctrl+F ya nemi kowane suna da duk rubuce-rubucensa, har da guntayensu kamar "moh" da "muh". Ya gwada danna akwatin ya ja; idan ya motsa, ko ya nuna alamar an zaɓe shi, aikin bai yi ba. Ya leƙa Properties da Bookmarks. Mai Poppler yana da gajeriyar hanya:

```
pdftotext wankakke.pdf - | grep -i "muh"
pdffonts wankakke.pdf
```

Idan an bi hanyar hoto, layin farko ba zai dawo da komai ba, na biyu kuma zai nuna kan jadawali babu ko layi ɗaya a ƙasansa, alamar babu harafi ko guda a fayil ɗin. Idan Acrobat aka yi amfani da shi, sai a cire sashen grep daga layin farko, sauran rubutun zai fito, gurbin sunan ya zama giɓi. Daga nan sai ya ba wani ɗan kwamiti da ya san ƙauyen ya karanta, ya tambaye shi abu ɗaya: wa kake zaton Mai Shaida na 2 ne? Idan ya canka daidai, akwai jimlar da ta rage a cire.

Saura cikakken rahoton, wanda sunayen uku suke ciki. Yana cikin kwamfutar shagon da aka buga shi, yana cikin filashin magatakarda, wataƙila kuma a wayarsa da yara ke kallon bidiyo da ita da daddare. Babi na gaba zai duba yadda ake kulle irin wannan fayil da kalmar sirri, wane kulle ne na gaske da wanda ake cirewa cikin minti ɗaya, da abin da ya kamata ka goge kafin ka tashi daga kwamfutar da ba taka ba.